Jirgin Feshi a Gonar Shinkafa: Yadda Ake Karanta Wasiƙar Matashin Injiniya

Ƙungiyoyin manoman shinkafa sun saba da wasiƙun dillalan taki da na masu hayar tarakta. Yanzu wata sabuwa ta fara shigowa, wadda matasan da suka karanta injiniyanci ke rubutawa, suna neman a ba su gona su gwada feshin magani da jirgi marar matuƙi. Galibin shugabannin ƙungiya ba su taɓa ganin jirgin yana aiki ba sai a waya, don haka ko dai su ƙi gaba ɗaya, ko su amince saboda yaron ɗan wane ne. Akwai hanya ta uku, wato a karanta wasiƙar da idon manomi, a ga ko lissafinta ya tsaya da ƙafarsa.

Domin bayanin ya zauna, na tsara misalin irin wannan wasiƙa, daga wani matashi zuwa ga wata ƙungiya a yankin Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke ciyar da dubban gonaki. Ga yadda ta fara:

"Zuwa ga Shugaba da dattawan ƙungiya. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan iyayena suna lafiya, ni ɗanku ne, na karanta injiniyancin aikin gona, kuma ina aiki da jirgin feshi mai ɗaukar lita 30. Ba na roƙon ku sayi komai. Ina neman ku ba ni izinin gwaji a kan hekta 6 na shinkafa da ke haɗe wuri guda, a daminar bana, a kan cuta guda ɗaya, wadda ke ƙona wuyan zangarniya. Za a yi feshin gefe da gefe da injin goyo da kuka saba, a auna amfanin a gabanku. Idan jirgin bai kai injin goyo ba, sikeli zai faɗa."

Jimlar ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki wasiƙar da muhimmanci. Mai neman a ba shi fili ya tashi jirgi jama'a su yi kallo, nuni yake so, kuma nuni ba ya taɓa faɗuwa. Wannan yaron ya kawo tsarin da jirginsa zai iya shan kaye a cikinsa.

Shi kansa jirgin ba baƙon gonar shinkafa ba ne. Kamfanin Yamaha na Japan ya fara ƙera ƙaramin jirgi mai saukar ungulu marar matuƙi domin feshin shinkafa tun wajejen ƙarshen shekarun 1980, ya fitar da samfurin RMAX a 1997. Waɗanda ake gani yanzu masu farfela da yawa, masu aiki da batir, mafi yawansu daga China suke, na kamfanoni irin su DJI da XAG. Samfurin Agras T30, alal misali, farfela shida gare shi, da bakin feshi 16, da tanki mai cin lita 30, kuma idan aka cika shi nauyinsa ya haura kilo 60. Kafin ya tashi, mai sarrafa shi yakan zagaya iyakar gonar ya shigar da taswirarta a na'ura, ya sa alama a kan bishiyoyi da turakun lantarki. Daga nan jirgin ke bin layi da kansa, kai da komo, a tsayin mita 2 zuwa 3 daga kan shuka. Iskar da farfelu ke turowa ƙasa takan buɗe ganye ta cusa ɗigon magani cikin duhuwar shinkafar.

Inda gwangwani ke yaudarar mutum

Sakin layi na biyu na wasiƙar shi ne wanda ya kamata sakataren ƙungiya ya karanta sau biyu:

"Ina roƙon a lura cewa jirgin ruwa yake ragewa, ba magani ba. Abin da takardar kwalba ta ce a zuba wa hekta, shi za a zuba, ba ragi ba ƙari. Ni zan auna, malamin gona ya shaida."

Manominmu da tanki yake awo. Ya san gwangwani kaza ake zubawa a cikin goyo ɗaya mai lita 16, kuma ya san gonarsa goyo nawa take ci. Wannan awon yana aiki ne saboda yawan ruwan da mai goyo ke fesawa bai cika canzawa ba, kusan lita 200 a hekta, wato eka biyu da rabi. Mu ɗauka takardar wani magani ta ce lita 1 a hekta. Lita 200 a raba da 16, goyo 12 da rabi ke nan, kowane goyo da mililita 80 na magani. Shi kuwa jirgi, hektar nan da lita 20 kacal zai feshe ta. Litar maganin nan guda dole ta shiga cikin lita 20 ɗin gaba ɗayanta.

To, a ce ranar feshi wani dattijo ya tsaya kai da fata cewa a bi awon da aka saba. Mililita 80 a lita 16 daidai yake da mililita 100 a lita 20. Jirgin zai tashi, ya gama hekta cikin mintuna, kowa ya yi tafi, alhali kashi ɗaya cikin goma na maganin ya sauka a gonar. Bayan mako biyu cuta ta ci zangarniya, sai a ce jirgi ba ya aiki. Wannan kuskure ba ya barin alama a ranar, shi ya sa yake da haɗari. Hanyar gane shi ita ce ƙirga kwalabe: hekta 2 aka fesa, to kwalba 2 ta lita guda ya kamata a gani babu komai a ciki.

Ɗaya gefen lissafin kuma ya shafi lafiyar mutane. Ruwan da ke cikin tankin jirgi ya ninka na goyo kauri sau goma. Gaskiya ne an raba mai feshi da tafiya cikin hazon magani, da tanki mai yoyo a gadon baya, kuma wannan babbar riba ce da ba a cika sa ta a lissafi ba. Amma haɗarin ya koma kan mai haɗawa da mai cika tanki, wanda in ruwan ya fallatsar masa a hannu ko ido, abin ya fi na da muni. Wasiƙa mai kyau za ta faɗi wanda zai yi haɗin, da safar hannu ta roba, da tabarau, da takunkumi, da inda za a wanke tanki nesa da kanal, domin kanal ɗin nan shi yara ke wanka a ciki, shanu su sha, a kama kifi a ƙasa. Kaurin yana kuma zaɓen magani. Na gari, wanda ake damawa, yakan kwanta a ƙasan tanki ya toshe bakin feshi idan ruwa ya yi kaɗan. Na ruwa ya fi dacewa, kuma duk wanda za a zuba sai mai lambar rajistar NAFDAC.

Hekta nawa a awa?

Tallan kamfanoni kan ambaci hekta goma sha wani abu a awa ɗaya. A shimfiɗaɗɗiyar gona mai tsawon kilomita hakan na iya yiwuwa. Injiniyanmu ya yi nasa lissafin a fili, kuma kowa zai iya binsa da biro. Jirgin zai yi gudun mita 5 a daƙiƙa, faɗin feshinsa mita 5. A minti ɗaya ya rufe murabba'in mita 1,500. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, don haka tana buƙatar kusan minti 7. Lita 20 a cikin wannan lokaci na nufin famfon ya riƙa fitar da lita 3 a minti. Batir ɗin irin wannan jirgi, da kaya a jikinsa, ba ya wuce 'yan mintuna ƙasa da goma, saboda haka ya zaɓi kada ya cika tankin: lita 20, batir ɗaya, hekta ɗaya, a sauko. Idan aka haɗa da juyawa a ƙarshen layi, da sauya batir, da cika tanki, zagaye ɗaya zai ci minti 12 ko fiye, wato hekta 5 a awa in komai ya tafi daidai.

Komai kuwa ba ya tafiya daidai a Kadawa, domin gonakin ƙanana ne, da yawansu ba su kai hekta ba, kowace da mai ita, da irinta, da ranar dashenta. Duk sanda aka sauya gona sai an sake taswira, a ɗauke janareta da jarkoki a matsa gaba. Janaretan ma ba na shago ba ne, domin cajin batir cikin gaggawa yana cin wuta mai yawa, kuma batir da ya sauko da zafi sai ya huce kafin ya karɓi caji. Ana buƙatar aƙalla uku suna zagayawa. Shi ya sa wasiƙar ta nemi hekta 6 a haɗe, masu iri ɗaya, a ce FARO 44 da manoma ke kira Sipi, waɗanda aka dasa a mako guda. A ganina wannan sharaɗi ya fi duk wani batun na'ura wuya, kuma shi ne aikin da ƙungiya kaɗai za ta iya yi. Injiniya ba zai iya sa maƙwabta goma su yi dashe tare ba.

Takarda mai launin ɗorawa

Manomi yakan gane feshi ya yi ne idan ya ga ganye ya jiƙe sharkaf. Bayan jirgi ya wuce ba zai ga haka ba, ganyen kamar ba a taɓa shi ba, kuma nan gardama ke tashi. Maganin gardamar wata 'yar takarda ce mai launin ɗorawa da ake sayarwa domin wannan aiki, wadda duk inda ɗigon ruwa ya taɓa sai wurin ya koma shuɗi. Ana maƙala ta a jikin sanda a tsayin zangarniya, wata kuma a tsakiyar duhuwa, a ɗauke bayan feshi a ƙirga ɗigon da ke cikin murabba'in santimita ɗaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ɗigo 20 zuwa 30 ga maganin ƙwari, 50 zuwa 70 ga maganin cuta irin ta naman gwari. Sai dai a kama ta da busasshen hannu, kuma a jira raɓa ta ɗauke, in ba haka ba duk ta shuɗe a banza.

Wasiƙar ta ce kwana ɗaya kafin feshi za a yi gwajin ruwa zalla. Za a jera takardun a layi, tsakanin kowace rabin mita, a faɗin mita 10, jirgin ya ratsa ta kansu sau ɗaya. A tsakiya ɗigo zai yi yawa, ya riƙa raguwa zuwa gefe. Inda ya ragu ƙwarai, nan faɗin feshi na gaskiya ya tsaya, ko da takardar kamfani ta ce mita 9. Wanda ya tsallake wannan mataki ya buɗa layi fiye da kima, gonar za ta tona masa asiri daga baya: za a ga cuta ta fito a jere, layi lafiyayye layi mai cuta, da tazara iri ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Cuta ba ta tafiya da ma'auni haka. Idan kuma ƙonewar ganye ta taru a bakin gona inda jirgi ke juyawa, alama ce ta famfo yana zuba yayin da gudu ya ragu.

A nan akwai gaskiyar da nake so in ga matashin ya faɗa da bakinsa. Da lita 20, kai wa ɗigo 50 a tsakiyar duhuwar shinkafa ba abu ne mai sauƙi ba. Ana iya ƙara yawan ɗigo ta hanyar ƙanƙanta shi, amma ƙaramin ɗigo shi iska ke ɗauka, shi ne kuma ke bushewa kafin ya sauka. Mafita biyu ce: a zaɓi maganin da ganye ke tsotsewa ya yaɗu a jikin shuka, wanda ba ya buƙatar rufe ko'ina, ko a ƙara ruwan zuwa lita 30 a yarda aikin ya ragu da sauri. Takardun ɗorawar nan su za su nuna wanne ya kamata.

Abin da ba za a fesa ba

"Ba zan fesa maganin ciyawa ba a wannan gwaji, ko an roƙe ni."

Wasu za su ji haushin wannan layi, domin ciyawa ita ce ta fi cin kuɗin manomin shinkafa. Amma yaron ya yi daidai. Mai goyo yana riƙe bakin feshi kusan rabin mita daga shuka, jirgi kuwa daga mita 2 ko 3 yake saki, kuma abin da yake saki mai kauri ne. Maganin 2,4-D da ake yawan sa wa shinkafa, ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya murɗe ganyen tumatir, ko wake, ko kuɓewa, ko auduga. A wurin da fangalin wani ke manne da na wani, kuma da rani tumatir ke kewaye da komai, feshi ɗaya a ranar iska zai iya kai ƙungiya gaban mai gari. Ko maganin cuta ne, dokar ita ce a auna iska da 'yar na'urar hannu, a dakata idan ta wuce mita 3 a daƙiƙa, a bar tazara daga kanal da gidaje da amya. Tsit ɗin asuba ma ba abin yarda ba ne, domin idan iska ta tsaya cak kuma sanyi ya kwanta a ƙasa, ƙananan ɗigo kan rataye kamar hazo su yi tafiya inda ba a aike su ba. An fi son 'yar iska mai sanyi da aka san inda ta dosa.

Lokaci ma a ƙuntace yake. Cutar wuyan zangarniya, wadda malaman gona ke kira bilas, tana son laima da raɓa mai daɗewa da gonar da aka cika wa yuriya, shi ya sa ta fi tsanani da damina. Riga-kafinta ake yi: feshi na farko lokacin da shinkafa ta yi ciki tana gab da fitar da kai, na biyu bayan kamar mako guda ko kwana goma. Da zarar wuya ya yi baƙi zangarniya ta yi fari, magani ba ya dawo da ita. Furen shinkafa kuma da hantsi yake buɗewa zuwa tsakar rana, kuma ba a so iskar farfela ta buge shi a lokacin. Abin da ya rage shi ne safiya bayan raɓa ta ɗauke, da bayan la'asar, a ranar da ba a ga hadari ba. A wannan 'yar taga ce jirgin ke da hujjarsa mafi ƙarfi, domin shinkafar ta kai ƙugu, ƙasa ta yi taɓo, mai goyo yana tattaka ta yana tafiya a hankali, kuma kowa a ƙungiyar a mako ɗaya yake neman mai feshi.

Tsarin gwajin

Hekta shidan za a raba su gida uku, kowane gida hekta 2. A cikin kowane gida, kashi ɗaya na jirgi, kashi ɗaya na goyo, sai ɗan yanki kamar mita 10 a kan 10 da ba za a fesa masa komai ba, a can gefen da iska ke fitowa. Ƙuri'a za ta raba wane kashi ya faɗa wa wa, a gaban jama'a, don kada jirgi ya samu gonar da ta fi taki ko ta fi samun ruwa. Magani ɗaya, adadi ɗaya a hekta, rana ɗaya. Mai goyon kuma ƙungiya ce za ta zaɓo gwaninta, ba injiniya ba.

Yankin da ba a fesa ba shi manoma suka fi ƙi, don ba wanda ke son ya bar shinkafarsa ga cuta da gangan. Amma in babu shi gwajin ba ya cewa komai. A ce bana cutar ba ta zo ba. Gonar jirgi ta yi kyau, ta goyo ta yi kyau, a tashi da cewa jirgi ya yi daidai da goyo, alhali ko ruwan rijiya aka fesa haka za a gani. Yankin nan ne kaɗai zai nuna ko akwai cutar da aka yi yaƙi da ita. Idan shi ma ya fito lafiya, hukuncin gaskiya shi ne a sake gwaji baɗi. Wasiƙar ta yi alkawarin biyan mai gonar bambancin abin da yankin ya rasa, kuma a murabba'in mita 100 wannan ba ya wuce abin da buhu ɗaya zai rufe.

Makonni biyu zuwa uku bayan feshi na biyu, malamin gona na KNARDA da wakilan ƙungiya biyu za su shiga kowane kashi su ƙirga zangarniya 100 a wurare daban-daban, su rubuta nawa ne wuyansu ya ƙone. Da girbi, a yanke fili mai awo ɗaya daga tsakiyar kowane kashi, ban da baki, a buge, a shanya su bushe daidai da juna, a ɗora a sikeli. Ƙirga buhu ba ya wadatarwa, domin cikar buhun shanshera ta danganta da hannun mai ɗurawa, kuma ɗanyar shinkafa ta fi busasshiya nauyi.

Saura abubuwa biyu da shugaba zai nema kafin ya sa hannu. Na farko takardu. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta wajabta neman izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kafin a tashi jirgi marar matuƙi, don haka a ga kwafin izinin a manne da wasiƙar, a kuma sanar da mai gari da jami'an tsaron yankin ranar da za a tashi. Na biyu, a rubuta wanda zai biya idan jirgi ya faɗo a gonar wani ko feshi ya ƙetare iyaka.

Batun kuɗi kuwa, a nemi injiniya ya faɗi tun yanzu nawa zai caji hekta idan gwaji ya wuce, da man janareta da kuɗin mota da lalacewar batir a ciki, don gwajin kyauta ba ya nuna farashi. A ajiye wannan kusa da ladan goyo 12 da rabi da na mai ɗebo lita 200 na ruwa. Samarin da ke cin abinci da goyon nan kuma 'ya'yan 'yan ƙungiyar ne, kuma za su zo taron. Jirgi ɗaya yana buƙatar mai haɗa magani, da mai kula da batir, da mai tsayawa a bakin gona yana kallon iska da masu wucewa, wato mutum uku ko huɗu, waɗanda ba su kai yawan masu goyon da zai maye gurbinsu ba. Feshin ciyawa da na ƙananan gonakin da ke warwatse zai ci gaba da zama a hannunsu, kuma daga cikinsu ya kamata a ɗauki ma'aikatan jirgin tun ranar gwajin ruwa zalla.